Girman filin alwatika daga gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne suke yawan fitowa daga ɗaliban babbar sakandare masu shirin WAEC da NECO, da kuma masu awon gona ko fuloti da suka ci karo da fili mai kusurwa uku. Da "girman fili" ana nufin yawan murabba'in mita da ke cikin alwatika, wato abin da ke cikinta, ba tsawon kewayenta ba. Gona guda ɗaya za mu riƙe a matsayin misali tun daga tambaya ta 4 har ƙarshe, don kada lambobi su yi yawa.

1. Mece ce dabarar, a taƙaice?

Idan ka san tsawon gefe biyu na alwatika, ka kuma san kusurwar da suka yi a inda suka haɗu, to girman filin shi ne rabin gefe na farko sau gefe na biyu sau sin na kusurwar. A littafi haka ake rubuta ta: ½ × a × b × sin C. Harafin a da b su ne gefunan biyu, C kuma ita ce kusurwar.

Ga ƙaramin misali. Gefe ɗaya santimita 8 ne, ɗayan 12, kusurwarsu digiri 30. Rabin 8 sau 12 ya ba da 48. Sin na digiri 30 rabi ne cif, wato 0.5. Girman filin ya zama murabba'in santimita 24.

2. Wace kusurwa ce "wadda ke tsakani"? Alwatika ai kusurwa uku gare ta.

Ɗora yatsa a kan gefe na farko, ɗora wani yatsan a kan gefe na biyu, ka bi su har yatsun su haɗu. Inda suka haɗu, wannan ce kusurwar. Kamar almakashi ne: gefunan biyu su ne wuƙaƙen, kusurwar kuma ita ce buɗewar da ke wajen ƙusar.

Haruffan ma suna taimakawa. Al'adar masu lissafi ita ce gefen a yana kallon kusurwa A, gefen b yana kallon B, gefen c yana kallon C. Saboda haka kusurwar da ke tsakanin a da b dole ta zama C, harafin da ya rage. Shi ya sa dabarar take da fuska uku: ½ab sin C, ½bc sin A, da ½ac sin B. A kowace fuska haruffan uku daban-daban ne. Idan ka ga ka rubuta ½ab sin A, harafi ɗaya ya maimaitu, kuma ka kauce. Abin yi a irin wannan halin yana tambaya ta 7.

3. A firamare an koya mana rabin gindi sau tsayi. Daga ina wannan sin ya faɗo?

Dabara ɗaya ce, ba biyu ba. Matsalar tsohuwar dabarar ita ce tana buƙatar tsayi na gaskiya, wanda ya sauko a miƙe daga ƙololuwar alwatika ya faɗa kan gindi, yadda igiyar magini mai dutse a ƙasa take sauka. Gefen alwatika kuwa yawanci a jingine yake. Ka tuna tsani da aka jingina da bango: tsawonsa mita 5 ne, amma kansa bai kai mita 5 daga ƙasa ba. Gwargwadon kwanciyarsa, gwargwadon ƙarancin inda ya kai.

Aikin sin shi ne ya faɗa maka kashi nawa na gefen da ke jingine ya zama tsayi. Ka ɗauki a a matsayin gindi, b kuma ya tashi daga bakinsa da kusurwa C. Ka sauke layi a miƙe daga kan b zuwa gindi, sai ka sami ƙaramar alwatika mai kusurwar digiri 90, inda b ne gefe mafi tsawo. A cikinta sin C shi ne tsayi a raba da b, wanda ke nufin tsayin shi ne b × sin C. Ka zuba wannan a cikin "rabin gindi sau tsayi", ka ga dabarar ta fito da kanta. Wanda ya riƙe wannan hoton na tsani ba ya buƙatar hadda, kuma kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga shi suka fito. Idan kusurwar digiri 90 ce, sin ɗinta 1 ne, gefen yana tsaye ƙyam, shi ne tsayin, sai a koma dabarar firamare.

Wani abin sha'awa a gefe guda: kalmar da ake taƙaitawa sin ta samo asali daga masu lissafin Indiya, ta shiga Larabci, aka riƙa karanta ta "jaib", sannan masu fassara zuwa Latin suka mayar da ita "sinus". Wannan "jaib" ɗin ita ce ta ba mu kalmar aljihu a Hausa.

4. A yi mana cikakken misali ɗaya daga farko har ƙarshe.

A ce gona ce a tsakanin hanyar mota da burtali, sun rabu daga wuri ɗaya kamar bakin almakashi. Gefen hanya mita 80, gefen burtali mita 65, kusurwar da ke mararrabar digiri 52.

Da farko ka tabbatar kusurwar tana tsakanin gefunan da ka auna. Haka ne, domin hanya da burtali a nan suka haɗu. Sai ka ninka: 80 sau 65 ya ba da 5,200, rabinsa 2,600. Wannan adadin ka ajiye shi a gefe, zai yi maka amfani wajen tantance amsa a tambaya ta 10. Sin na digiri 52 shi ne 0.7880. Ka ninka 2,600 da 0.7880, za ka sami 2,048.8. Gonar murabba'in mita 2,049 ce, in an cike.

Don a ji nauyin adadin: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, gonar kenan ta ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar na hekta. Eka ɗaya kimanin 4,047 ce, gonar rabin eka ce da ɗan ɗoriya. Fuloti mai ƙafa 50 a ƙafa 100 kuwa kimanin murabba'in mita 465 ne, don haka gonar ta kai fuloti huɗu da kusan rabi a lissafi, ko da yake siffarta ba za ta bari a yanka su a haka ba. Abu ɗaya da za a kiyaye: kada ka taƙaita sin tun da wuri. Wanda ya mayar da 0.7880 zuwa 0.8 zai sami 2,080, ya ƙara wa gonar murabba'in mita 31 da babu su. A bar taƙaitawa sai layin ƙarshe.

5. Na bi matakan daidai amma kalkuleta ta ba ni wata amsa daban, wani lokacin ma da alamar ɗebewa. Me ya faru?

Mafi yawan lokuta kalkuletar ba a kan digiri take ba. Akwai ma'auni uku na kusurwa da kalkuleta ta sani, kuma tana nuna wanda take kai da ƙaramin rubutu a saman allo: D ko DEG, R ko RAD, G ko GRA. Kai DEG kake so. Gwajin ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar: danna sin 30. In ta ba da 0.5, lafiya lau. In ta ba da −0.988, tana kan RAD. In ta ba da 0.454, tana kan GRA.

Alamar ɗebewa ma sauƙi ce, domin tana farkar da mutum. Haɗarin shi ne lokacin da amsar kuskure ta yi kama da gaskiya. A kan RAD, sin 52 yana ba da 0.9866, gonarmu ta koma murabba'in mita 2,565, kuma babu abin da zai sa ka yi zargi. Shi ya sa na fi son ɗalibi ya mayar da gwajin sin 30 al'ada kafin ya taɓa tambayar farko, musamman in aron kalkuletar ya yi. Masu aiki da Excel su sani cewa SIN a can kullum radiyan, wato RAD, yake karantawa, sai an juya masa:

```
=0.5*80*65*SIN(RADIANS(52))
```

6. Idan kusurwar ta wuce digiri 90 fa?

Dabarar ba ta canzawa. Ka danna kusurwar yadda take. Tsanin nan na tambaya ta 3 ya jingina baya ne kawai, tsayinsa kuma ya faɗo a wajen gindi, amma tsayi ne dai. Kusurwa da cikonta zuwa 180 sin ɗinsu ɗaya ne: sin 150 daidai yake da sin 30, sin 120 daidai yake da sin 60. Mai amfani da teburin lissafi, wanda ke tsayawa a digiri 90, sai ya ɗebe kusurwar daga 180 ya nemi abin da ya rage.

Wannan yana haifar da abin da ke ba mutane mamaki. Da mararrabar gonarmu digiri 128 ce maimakon 52, girman filin zai kasance 2,049 ɗin nan dai. Siffar ce za ta bambanta ƙwarai: gefe na uku zai tashi daga kimanin mita 65 zuwa sama da mita 130. Amfanin gona ɗaya, amma shingen ya fi tsada.

7. An ba ni gefe biyu da kusurwa, amma ba wadda ke tsakaninsu ba. Zan iya amfani da ita haka nan?

A'a. Sai ka fara nemo kusurwar tsakani, kuma a nan ne ake asarar maki da yawa. A ce a = 7, b = 10, kusurwa A digiri 30. Mai gaggawa zai rubuta rabin 7 sau 10 sau 0.5 ya sami 17.5, adadin da bai yi daidai da kowace alwatika mai waɗannan awon ba.

Hanyar ita ce ka'idar sin, wadda ta ce sin B ÷ b daidai yake da sin A ÷ a. Daga nan sin B ya zama 10 sau 0.5 a raba da 7, wato 0.7143. Kalkuleta za ta ce B digiri 45.6 ce. Amma ka tuna tambaya ta 6: digiri 134.4 ma sin ɗinta ke nan, kuma in ka haɗa ta da 30 ba ta kai 180 ba, don haka ita ma halal ce. Alwatika biyu kenan. A ta farko C ita ce 180 a ɗebe 30 da 45.6, wato 104.4, girman filin kuma 33.9. A ta biyu C digiri 15.6 ce, girman filin 9.4.

Yaushe ne za ka yi tsammanin amsa biyu? Lokacin da kusurwar da aka ba ka ƙasa da 90 ce, kuma gefen da ke kallonta ya fi ɗayan gajarta. In gefen da ke kallonta ya kai ɗayan ko ya fi shi tsawo, alwatika ɗaya ce tak. In kuma sin B ya fito sama da 1, babu alwatikar gaba ɗaya, gefen ya gaza kaiwa ya rufe ta.

8. A takarda akwai ma'aunin kusurwa. A gona yaya zan auna ta, alhali ba ni da na'urar safiyo?

Tef ɗin awo da turaku uku sun isa. Kafa turke a daidai mararrabar. Auna mita 10 a kan gefe na farko ka kafa turke, auna mita 10 a kan gefe na biyu ka kafa wani. Sai ka auna tazarar da ke tsakanin turakun biyu na waje. Raba tazarar da 20, abin da ya fito shi ne sin na rabin kusurwar.

A gonarmu tazarar za ta fito mita 8.77. A raba da 20, an sami 0.4385. Danna sin⁻¹ 0.4385 (a yawancin kalkuletoci SHIFT sannan sin), za ka ga digiri 26. Ninka biyu, 52. Abin da ke lalata wannan aikin shi ne turken da ya kauce daga layin iyaka, da tef da ya yi ciki saboda ba a ja shi sosai ba. Kuskuren santimita 10 a tazarar yana karkatar da kusurwar da kusan kashi biyu cikin uku na digiri. In fili ya ba da dama, yi amfani da mita 20 a kowane gefe ka raba da 40, kuskuren zai ragu da rabi. A sa wani ya tsaya a mararrabar yana hango ƙarshen gonar, yana ce maka matsa dama ko hagu har turken ya hau layi.

Mai kamfas kuma zai iya karanta alƙiblar kowane gefe ya ɗebe ƙarama daga babba. In hanya ta nufi 040° burtali kuma 092°, bambancin 52 ne. Haka tambayoyin alƙibla na jarabawa suke ɓoye kusurwar tsakani. Kamfas ɗin waya dai ba abin dogaro ba ne kusa da mota, ƙofar ƙarfe ko turken lantarki.

9. In na yi kuskuren digiri ɗaya, nawa zan yi asara?

Ya danganta da girman kusurwar. A gonarmu, 53 maimakon 52 tana ba da 2,076, bambancin kusan murabba'in mita 28 ne, kashi ɗaya da ɗan abu cikin ɗari. Kusa da digiri 90 kuskuren ba ya ko ganuwa, domin sin 89 shi ne 0.9998. Amma siririn fili wani labari ne: sin 10 shi ne 0.1736, sin 11 kuma 0.1908, digiri ɗaya ya motsa amsar da kusan kashi goma cikin ɗari. Don haka in kana da zaɓi, tsaya a kusurwar da ta fi kusa da 90 ka auna gefunanta biyu, ka bar tsinin alwatikar.

10. Yaya zan tabbatar amsata daidai ce?

Gwaji mafi sauri shi ne na rufi. Sin ba ya wuce 1, saboda haka girman filin ba zai taɓa wuce rabin a sau b ba. A gonarmu rufin 2,600 ne. Amsar da ta haura shi kuskure ce, kuma sau da yawa rabin nan aka manta. Kusurwa 52 tana tsakanin 45 da 60, sin ɗinsu 0.71 da 0.87, don haka amsar za ta faɗa tsakanin 1,840 da 2,250 ko makamancin haka. Wannan ƙiyasin kaɗai ya isa ya kama amsar 2,565 ta tambaya ta 5. Sai kuma ma'auni: gefunan biyu su kasance a ma'auni ɗaya kafin a ninka. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, murabba'in mita ɗaya kuma murabba'in santimita 10,000 ne, ba 100 ba.

Gwaji mai ƙarfi shi ne a auna gefe na uku a yi amfani da dabarar Heron, masanin Iskandariya na ƙarni na farko, wadda ba ta buƙatar kusurwa ko ɗaya. Gefe na uku na gonar mita 64.98 ne. Rabin kewaye, wanda ake kira s, ya zama 104.99. Dabarar ita ce √(s(s−a)(s−b)(s−c)), wato √(104.99 × 24.99 × 39.99 × 40.01), kuma ta ba da 2,049. A gaskiya, in za a iya taka gefe na uku, auna shi ya fi auna kusurwa aminci. Dabarar sin tana nuna amfaninta ne inda rafi, gini ko hatsin da ya kai ƙirji ya tare hanya.

11. An ba ni girman fili da gefe biyu, an ce in nemo kusurwar.

Juya dabarar: sin C = 2 × girman fili ÷ (a × b). Da misalin tambaya ta 1, 48 a raba da 96 ya ba da 0.5. Kalkuleta za ta ce 30 ta yi shiru, amma 150 ma amsa ce, kamar yadda aka gani a tambaya ta 6. Duba zanen ko lafazin tambayar. In an ce kusurwar ta wuce 90, 150 ake so. In ba a ce komai ba, rubuta duka biyun.

12. Gonata kusurwa huɗu gare ta, kuma a karkace take. Wannan dabarar ta shafe ni?

Ta shafe ka sosai. Ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta, gonar ta zama alwatika biyu, ka lissafa kowace ka haɗa. Kowace alwatika da nata gefe biyu da tata kusurwar tsakani, kada a ari ta wata. In gefunan da ke kallon juna daidai suke, alwatikun biyu tagwaye ne, girman filin kuma a × b × sin C ne, ba rabi.

Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, awon da aka saba yi na ninka tsawo da faɗi, ko matsakaicin gefuna masu kallon juna, yana yin daidai ne kawai in kusurwoyin huɗu duk digiri 90 ne. In fili ya karkace, awon kullum ƙari yake yi, bai taɓa yin ragi ba. Fili mai 80 a 65 da ya karkace zuwa digiri 52 za a ce 5,200 ne, alhali 4,098 ne. Sama da fuloti biyu kenan aka biya kuɗinsu ba a ƙasa suke ba. Ba lallai ne da mugun nufi ba, yawanci tef kaɗai aka zo da shi, ba wanda ya kalli kusurwa.

13. Muna son raba gonar nan daga mararrabar, da layi ɗaya. In mun raba kusurwar biyu, 26 da 26, an raba daidai?

Ba a raba daidai ba, kuma dabarar ce ke nuna dalili. Kashin biyu suna da layin rabo ɗaya da sin 26 ɗaya, abin da ya bambanta su shi ne ɗaya gefensa 80, ɗaya 65. Na gefen hanya zai sami kimanin murabba'in mita 1,130, na gefen burtali 918. Raba kusurwa yana raba fili daidai ne kawai in gefunan biyu tsawonsu ɗaya.

Abin da za a raba shi ne gefe na uku, wanda ke kallon mararrabar. Duk alwatikar da ta tashi daga mararrabar ta sauka a kan wannan gefen tsayinta ɗaya ne da 'yan uwanta, don haka girman kowace yana bin tsawon gindinta. Ana son rabi da rabi, a kafa turke a tsakiyar mita 64.98, wato a 32.49. In rabon gado ne tsakanin ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, bayan an fitar da sauran haƙƙoƙi, inda namiji ke da ninkin na mace, a kasa gefen uku. Turken zai zauna a mita 21.66 daga bakin ɓangaren 'yar, a ja igiya daga nan zuwa mararraba. Ita tana da murabba'in mita 683, shi yana da 1,366. Wane ne zai ɗauki gefen hanyar mota, wanda ƙasarsa ta fi daraja, wannan kuma magana ce ta magada da malamin da ke rabon.